Tag, take da maganar baki: littafin gwajin da muke yi a tasharmu

Asabar, 2 ga Agusta, 2025, Makka

Yau na buɗe wannan littafi saboda musun da ya ƙi ƙarewa tsakanina da ɗan yayata. Shekara biyu ke nan muna riƙe da wata ƙaramar tasha a YouTube, muna nuna wa masu zuwa Umara da Hajji abubuwan da ke ba su wuya: yadda ake shiga jirgin ƙasa, yadda ake neman izinin Rauda a manhajar Nusuk, inda ake ɗaukar harami a Tan'im, da makamantansu. Ni ke magana, shi ke ɗauka da tacewa da ɗorawa.

Duk bidiyon da za mu ɗora, sai ya shafe kusan rabin sa'a a kan akwatin nan da ake kira `Tags`, inda ake jera kalmomin da suka shafi bidiyon, wanda ke can ƙasa idan an danna `Show more`. Akwatin yana ɗaukar harafi 500, shi kuma bai yarda ya bar ko ɗaya ba kowa. Har akwai wata manhaja da yake biya duk wata, tana ba shi maki a kan yadda ya cika akwatin. Taken bidiyo kuwa a tsaye muke rubuta shi, wani lokaci ma muna cikin mota. Jiya muna cin ful da tamis a Sharar Mansur na ce masa ina ganin mun sa ƙarfinmu inda ba nan ba ne. Ya ce, "Kawu, tag ne ke gaya wa YouTube abin da ke cikin bidiyo. In ba shi, ta ina zai sani?"

Tambayarsa tana kan hanya. YouTube da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa take da hoton gaba da bayanin ƙasa sun fi tag muhimmanci, tag kuma yana da amfani ne idan abin da bidiyon ke magana a kai kalma ce da mutane suka saba kuskuren rubutawa, in ba haka ba rawar da yake takawa kaɗan ce. Na karanta masa. Ya ce wannan don masu Turanci aka rubuta, mu Hausa muke yi, kuma wa ya san ko injin yana jin Hausa? A nan na yi shiru, domin ya taɓo wurin da ya kamata. Muka yanke cewa za mu gwada a kan bidiyoyinmu, mu rubuta duk abin da muka gani.

Talata, 5 ga Agusta

Mun zaɓi tsofaffin bidiyoyi 12, duk sun haura wata shida, kallonsu ya riga ya lafa ya tsaya a wuri ɗaya. Sabon bidiyo ba ya gwaji, saboda a makonsa na farko masu bin tasha ne ke kallonsa, ba masu nema ba, kuma kallon yana hawa ya sauka ko ba a taɓa komai ba.

Mun raba su gida huɗu, uku-uku. Gida na farko mun share tag ɗinsu ƙaf, ba mu taɓa wani abu ba. Na biyu za mu sauya musu take kawai. Na uku za mu rubuta maganar da na yi a ciki mu ɗora ta a matsayin rubutun da ke gudu a ƙasan bidiyo. Na huɗu ba za mu taɓa su ba, su ne ma'auninmu, domin idan kallo ya ƙaru a ko'ina har da su, to ba aikinmu ba ne, lokaci ne ya kawo.

Abin da muke ƙirgawa ba jimillar kallo ba ne. A Studio, wato shafin YouTube da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa, kowane bidiyo yana da `Analytics`, a ciki akwai `Reach`, a nan ake ganin ta ina masu kallo suka shigo. Layin da ya dame mu shi ne `YouTube search`, kuma idan aka danna shi yana nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso gare mu. Na kwafe na kwana 28 da suka wuce a takarda, bidiyo bayan bidiyo. Kafin ya share tag, na sa ya adana su a waya, don kada mu rasa hanyar komawa. Hannunsa ya daɗe a kan allon kafin ya danna.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ina kwafe kalmomin nema na ci karo da abin da ban zata ba. Mutanenmu ba sa rubuta kalma guda. Jimla suke rubutawa, kamar suna tambayar mutum a bakin Harami: "yadda ake shiga rauda", "nawa ne kudin jirgin kasa makka zuwa madina", "ina ake daukar harami a makka". Da yawa ma na tabbata da baki suka faɗa, kamar wata Hajiya maƙwabciyarmu da ke danna alamar makirufo ta yi magana don idonta ba ya ganin ƙananan haruffa.

Sai na dubi takenmu. Bidiyon jirgin ƙasa, wanda muka sha wahalarsa tun daga tashar Rusaifa har Madina, ga abin da muka sa masa: "ALHAMDULILLAH!! Tafiyarmu mai albarka kashi na 2". Babu jirgi, babu Makka, babu Madina, babu tikiti. Duk waɗannan suna cikin tag, a ɓoye. Tun 2012 YouTube ya daina nuna wa masu kallo tag a shafin bidiyo, saboda haka mutumin da ya rubuta "jirgin kasa", ko da an kawo masa bidiyonmu, abin da idonsa zai gani shi ne tafiyar wasu mutane da bai sani ba, kashi na biyu, alhali bai ga na ɗaya ba. Me zai sa ya danna?

Yau muka mayar da shi: "Yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa daga Makka zuwa Madina". Take yana ɗaukar harafi 100, amma a waya ana datse wutsiyarsa, don haka muka sa abin da ake nema a gaba. Sauran biyun ma muka yi musu haka, muna ɗauko jimlar daga bakin masu nema, ba daga kanmu ba. Hoton gaba ba mu taɓa shi ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi, domin in muka sauya abu biyu lokaci guda ba za mu san wanne ya yi aiki ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na gano wani abu da ya ɓata mini rai. A ƙasan akwatin bayani na bidiyoyi da dama, yaron ya jera kalmomi tuli guda, waƙafi bayan waƙafi, har da sunayen manyan malamai da ba su cikin bidiyon, ba mu ma ambace su ba. A akwatin tag ma haka. Ya ce manhajar ce ta nuna masa ana yawan neman sunayen.

Na zaunar da shi. Na farko, cusa tarin tag a cikin bayani ya saɓa wa dokar YouTube ta hana yaudara da cunkoson banza, ana iya cire bidiyo a kansa. Na biyu, wanda ya fi damuna, mutumin da ya nemi karatun malaminsa ya faɗo kan ni ina bayanin tikiti, mun cinye masa data kuma mun yi masa ƙarya. Zai fita cikin daƙiƙa biyar, injin kuma yana rubuta cewa wannan bidiyo ana shiga ana gudu. Ya ce, "Kawu, kowa haka yake yi." Na ce ban da mu. Mun share su a duk tashar in ban da bidiyoyin gwaji, waɗanda na duba na ga babu irin wannan a bayaninsu. Bai yi mini musu ba, har ya zauna ya yi aikin da kansa bayan isha.

Asabar, 16 ga Agusta

Gida na uku ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne na fi koyon abu.

Masu koyar da harkar nan da Turanci da Larabci kullum suna cewa ka faɗi kalmar da ake nema da bakinka a farkon bidiyo, injin zai ji. Gaskiyarsu, a harshensu. YouTube ya fara mayar da magana rubutu da kansa tun 2009, da Turanci, daga baya ya ƙara wasu harsuna. Amma da na buɗe `Subtitles` na bidiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ban sami ko guda da injin ya rubuta Hausarsa ba. Yawanci wurin fayau yake. Biyu kuma na tarar ya rubuta su da Larabci, saboda na buɗe su da sallama da doguwar addu'a. Addu'ar ya kama ta daidai, ina shiga Hausa sai ya ci gaba da zuba kalmomin Larabci marasa kai da gindi. Inda na ce "ku riƙe fasfo ɗinku a hannu", abin da ya rubuta ko Balaraben Makka ba zai fahimta ba.

Ke nan minti tara na yi ina bayanin yadda ake neman izinin Zamzam da inda ake karɓar galan mai lita biyar a filin jirgin Jidda, amma a rubuce babu ko kalma ɗaya daga ciki. A nan yaron ya fi ni gaskiya: injin bai ji mu ba. Sai dai maganin wannan ba tag ba ne, maganinsa mu rubuta masa abin da muka faɗa.

Ga yadda muka yi. Da farko a `Video language` muka zaɓi `Hausa`, domin wasu an bar su babu komai, wasu a kan Larabci. Sannan na riƙa sauraro ina rubutawa, shi yana sa lokaci. Fayil ɗin rubutu ne zalla mai ƙarewa da `.srt`, ga kamanninsa:

```
1
00:00:04,000 --> 00:00:08,500
Yau zan nuna muku inda ake karɓar Zamzam

2
00:00:08,500 --> 00:00:12,000
a filin jirgin sama na Jidda.
```

Ana ɗora shi ta `Upload file`, a zaɓi `With timing`. Karon farko duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya, sai da muka sake adana fayil ɗin a tsarin `UTF-8` suka dawo. Bidiyon minti tara ya ci mana sa'a biyu da wani abu. Guda uku, dare uku. Ina rubutawa ina jin yawan "wato" da "ka gane ko" da ke bakina, na zubar da su a rubutun, na bar maganar.

Asabar, 30 ga Agusta

Mun duba bayan kwana 25, ga shi komai ya tashi. Yaron ya zo da murna, ni ma na fara murna, sai na tuna da gida na huɗu. Su ma sun tashi, alhali ba mu taɓa su ba. Rabi'ul Awwal ya kama, masu Umarar Maulidi da ziyarar Madina sun fara shiri, kowa yana neman bayani. Ba don mun ware waɗancan ukun ba, da yau na rubuta cewa share tag yana ƙara kallo, da na yi ƙarya ban sani ba.

Saboda haka lissafin ya koma: wane gida ne ya tashi fiye da tashin da gida na huɗu ya yi? Za mu jira wata ya wuce tukuna.

Wani kuskure kuma da na kama kaina a ciki: ina rubuta jimlar nema a wayata, in ga bidiyonmu a sama, in ji daɗi. Wayata ta san ni, kullum tashata nake buɗewa, dole ta kawo mini ita. Yanzu sai na kunna `Incognito`, wanda ke sa YouTube ya ɗauke ni kamar baƙo, kafin in nema, kuma na roƙi wani ƙanina a Kano ya riƙa rubuta jimloli shida da na tura masa duk Asabar, ya turo mini hoton allo. Yawancin masu kallonmu suna can gida ne suna shirin tahowa, abin da ake nuna musu shi ne magana, ba abin da ake nuna mini a unguwar Misfala ta Makka ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Yanzu an fara ganin ƙasan ruwa.

Gidan da aka sauya wa take ya bar kowa a baya. Bidiyon jirgin ƙasa, kafin mu taɓa shi, mutum 61 ne suka zo masa ta nema cikin kwana 28. A kwana 28 na baya-bayan nan, 340. Na gida na huɗu a daidai wannan lokaci sun tashi da kusan rabin abin da suke da shi ne kawai, don haka ko an cire rabon Maulidi, saura mai yawa na take ne. A hoton da ƙanina ya turo daga Kano, bidiyon da a da sai an gangara sosai kafin a gan shi, yanzu shi ne na biyu.

Na tsaya na duba ta yaya abin ya faru, domin abu biyu ne suka motsa. `Impressions`, wato sau nawa aka nuna wa mutane hoton bidiyon, ya ƙaru, alamar injin ya fara ganin ya dace da tambayar. `Impressions click-through rate`, wato cikin ɗari da aka nuna wa nawa suka danna, ya tashi daga kusan 3 zuwa kusan 7. Wannan na biyun aikin idon mutum ne, ba na inji ba. Take yana yi wa inji magana, yana kuma yi wa mutum magana a lokaci guda. Tag kuwa ko ya kai ka gaban mutum, ba shi da bakin da zai ce masa danna. Kalmomin nan "jirgin ƙasa", "Makka", "Madina", "tikiti" sun shekara a cikin tag na wannan bidiyo, 61 suka kawo. Ranar da suka fito fili a take, ga abin da ya biyo baya.

Ɗaya daga cikin ukun bai yi wani tashi ba, shi ne na yawon da muka yi a kasuwar dabino ta Madina. Take ya gyaru, amma da ma ba a cika neman abin ba. Take ba ya haifar da masu tambaya, yana tarbar waɗanda da ma suke tafe ne.

Gidan da aka share wa tag: biyu sun bi sahun gida na huɗu kamar ba a taɓa su ba. Harafi 500 sau biyu, an share, babu wanda ya ji. Na uku kuwa, na Rauda, shi kaɗai ya ja baya, kuma zan ba shi shafinsa gobe don na fi so in duba shi a natse.

Lahadi, 14 ga Satumba

Taken bidiyon shi ne "Yadda ake neman izinin shiga Rauda a Nusuk", da ma mai kyau ne tun asali. Na ajiye takardar 5 ga Agusta kusa da allon yau, ina bi layi-layi. Masu rubuta "rauda" da "nusuk" suna nan yadda suke. Waɗanda suka ɓace ko suka ragu su ne masu rubuta "rawda", "raudha", "raula", "nusuq", da kuma wasu da ke haɗa rubutun Larabci da kalmar Hausa, irin `الروضة هوسا`. Duk waɗannan suna cikin tag ɗin da muka share, kuma babu su a take ko a bayani.

Wannan shi ne abin da YouTube ya faɗa tun farko, kalmar da ake kuskuren rubutawa. Abin da ban lura ba shi ne, a wurin mai Turanci wannan ɗan lungu ne, a wurinmu kuwa fili ne babba. Kalma ɗaya muna rubuta ta hanya huɗu: Makka, Makkah, Maka, Mecca. Umara, Umra, Umrah. Madina, Madinah. Ga ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda kusan babu mai nema da ke sa musu lanƙwasa, "kasa" yake rubutawa ko yana nufin ƙasa. Da na gwada "jirgin ƙasa" da "jirgin kasa" a wayata, jerin da ya fito bai zo iri ɗaya ba. Ga kuma 'yan'uwanmu haifaffun nan, jikokin waɗanda suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, Hausa ce a bakinsu a gida amma makarantar Larabci suka yi, boko ba ya hannunsu. Idan za su nemi bayani da Hausa, da haruffan Larabci za su rubuta.

Yaron ya ce to mu daina sa lanƙwasa a take mana, tunda masu nema ba sa sawa. Na ƙi. Take allo ne da yara ke karantawa, ba zan rubuta "kasa" ina nufin ƙasa ba da sanina. Muka tsaya a kan cewa take zai zauna da rubutu na ƙa'ida, tag kuma ya ɗauki sauran kamannin kalmar. Mun mayar wa bidiyon Rauda tag, amma ba tulin da ba, guda tara kacal:

```
rawda, raudha, raula, rauda madina, nusuq,
nusuk hausa, الروضة, نسك, هوسا
```

Ya dube su ya ce manhajarsa za ta ba shi maki kaɗan. Na ce makin nan ita ta ƙirƙire shi, babu shi a ko'ina cikin Studio.

Asabar, 27 ga Satumba

Masu "rawda" da "raudha" sun fara dawowa, masu rubutun Larabci ma haka, da tag tara maimakon wajen arba'in.

Gidan rubutun magana shi ne mai wuyar karantawa. A yawan masu zuwa ta nema, ya ɗara gida na huɗu da kaɗan, kaɗan ɗin da ba zan kafa hujja da shi ba. Amma abu biyu sun fito. A bidiyon Zamzam, wata sabuwar jimla ta bayyana cikin kalmomin nema: "galan din zamzam a cikin jaka". Babu ita a take, babu a bayani, babu a tag. A minti na shida na yi wannan maganar, ina gargaɗin kada a zuba Zamzam a robobi a cusa cikin akwatin kaya. Mutum bakwai ne kawai suka zo ta nan, amma kafin mu ɗora rubutun ba ta taɓa fitowa ba. Studio ba ya nuna kalmar da masu nemanta ba su kai wani adadi ba, don haka bakwai ɗin nan su ne waɗanda suka isa a gani.

Na biyu, mutane sun ɗan ƙara daɗewa a kan bidiyoyin ukun. Wata mata ta rubuto cewa a harabar masallacin Madina ta kalla, ba ta iya kunna murya ba, rubutun ta bi har ƙarshe. Wannan kaɗai ya biya ni daren da na yi ina rubutu.

Laraba, 1 ga Oktoba

Rubuta maganata da hannuna ya nuna mini wani abin da ba shi muka fita nema ba. A kowane bidiyo, shafin farko na rubutun gaisuwa ce zalla. Sallama, addu'a, gaida iyaye da malamai, gaida na gida da na waje, roƙon a danna ƙararrawa. A bidiyon jirgin ƙasa sai a daƙiƙa ta 52 kalmar "jirgi" ta fara fita daga bakina.

A `Engagement` akwai zanen da ke nuna inda mutane ke sauka, kuma yana faɗin kashi nawa suka rage a daƙiƙa ta 30. Tun da sabon take ya fara kawo baƙi, wannan adadi ya faɗi a bidiyon jirgin, ya koma ƙasa da rabi. Dalilin a fili yake. A da 'yan gida ne ke kallo, sun san ni, suna jiran in gama gaisuwa. Yanzu mutum ne da tambaya a hannu, take ya yi masa alkawarin tikiti, ya shigo ya tarar ana gaisuwa, ya koma ya danna na wani. Tun 2012 YouTube ya karkata ga tsawon lokacin da ake kallo maimakon yawan dannawa, don haka wanda ya shigo ya fita nan take ba riba ba ne. Ashe maganar baki tana da aiki ko injin bai ji ta ba, domin mutumin da take ya kawo yana ji, kuma zamansa ko tafiyarsa injin yana gani sarai.

Na kai maganar gaban yayata, uwar yaron, don ita ce mai kallonmu ta farko. Ta ce, "Kai yanzu sai ka faɗa wa mutane magana ba gaisuwa, kamar ɗan sanda?" Na ce, "Yaya, sallama tana nan, ba zan bar ta ba. Sauran gaisuwar ce zan kai ƙarshe." Ta ce in dai da sallama da bismilla, to. Tsohon bidiyon mun datse masa daƙiƙa 40 na gaisuwa da `Editor` na cikin Studio, wanda ke yanka ba tare da an rasa kallo ko adireshin bidiyon ba, sannan muka sa masa babi-babi a bayani, farawa da `00:00`, don mai son farashi kawai ya tsallaka can.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun ɗora sabon bidiyo na farko a kan sabon tsari, game da ɗaukar harami a Abyar Ali ga wanda zai taho Makka daga Madina. Wannan karon take muka fara rubutawa tun kafin a kunna kyamara, mun yi kusan minti ashirin a kansa, muka jera guda biyar muka zaɓi ɗaya. Bayan sallama, jimlata ta farko ita ce taken da kansa. Layi biyu na farkon bayani sun maimaita shi da wasu kalmomi. Rubutun magana ya hau tare da bidiyon, kuma ya zo da sauƙi saboda na riga na tsara abin da zan faɗa a takarda. Tag ya ɗauki minti biyu: "abyar ali", "bir ali", "zulhulaifa", "dhul hulaifa", "mikati", "miqat", "daukar harami", da biyu na Larabci.

Yaron ya dakatar da biyan kuɗin manhajar da kansa, ya ce riyal ɗin za su tafi kan makirufo mai maƙalawa a riga, domin iskar Tan'im ta sha cinye mana murya. Amma bai sauka daga kan bakansa gaba ɗaya ba. Ya ce bidiyo 12 a tasha guda ba su isa a yanke wa tag hukunci ba, kuma duk lissafinmu a kan masu nema ne, ba mu duba masu zuwa ta `Suggested videos` ba, wato waɗanda ake jera musu mu a gefen bidiyon wani. Na ba shi gaskiya, na kuma ba shi takardar. Ya ware wasu bidiyoyi takwas, huɗu za a share musu tag, huɗu a bar su, daga Litinin. Za mu karanta sakamakon kafin Rajab, tun masu Umarar azumi ba su fara shiri sun sake ɗaga mana lissafi ba. Tsofaffin bidiyoyi 31 suna jiran sabon take, na ɗauki biyar a kowane mako.